Kwatancen Gidan Mahauci

Na yi shekara uku ina aikin kwamfuta a wani ƙaramin asibitin ido na taimako a cikin Sakkwato, kuma a duk tsawon zaman ban taɓa duba idon kowa ba, ban taɓa ɗiga wa kowa magani ba. Ofishina wani lungu ne bayan ɗakin kati, da fanka mai kukan tsohuwar keken ɗinki. Amma akwai dattijo ɗaya da ya rasa ganinsa, kuma in ana lissafin waɗanda suka sa hannu a ciki, ni ne na farko.

Lokacin da aka ɗauke ni, sabon kammala karatu ne, kaina ya fi jikina girma. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Wada, ni ne ɗan da ya yi boko har ya iya magana da kwamfuta, saboda haka a gida ma ba a cika musu da ni ba. Na iske asibitin yana ajiye sunayen marasa lafiya a wuri biyu: wani ƙaton littafi mai baƙin bango da babbar nas ɗinmu take riƙe da shi, wadda kowa ke ce wa Hajiya, da kuma wani fayil na Excel da ma'aikaciyar ɗakin kati take kwafe littafin a ciki. Fayil ɗin nan ya sha hannu. Mutum huɗu ko biyar sun riƙe shi kafin ita, kowa da irin rubutunsa. A gurbin kwanan wata, wani ya raba lambobin da karan tsaye, wani da ɗigo, wani ya rubuta sunan watan da Turanci. Akwai inda na ga an rubuta "bayan Sallah" kawai. Na yi dariya har da buga tebur, na ce wa shugaban asibitin a ba ni mako biyu in kwashe wannan shirgi in zuba shi a MySQL, rumbun bayanai na gaske, yadda za a danna maɓalli ɗaya sunayen waɗanda ya kamata a kira su fito.

Kiran nan shi ne ran aikin. Likitan da ke yi mana tiyata ba a garin yake ba, sau biyu yake zuwa a shekara, ya yi mako guda ya koma. A da, in aka ji zai zo, mutane kan cika ƙofar asibiti da tabarmi tun kwana uku kafin ya iso, wanda aka tsara da wanda ba a tsara ba. Sai aka kafa doka: a rubuta wa kowa ranarsa a littafi, amma ba a faɗa masa, don ranar likitan kan motsa. Abin da ake ce masa kawai shi ne ya koma gida, kada ya zo sai an kira shi. In waya ba ta shiga ba, direban asibiti ya bi kwatance ya je har gida.

Aikin da na yi ba wani mai wuya ba ne, shi ya sa har yau yake ci mini rai. Na adana fayil ɗin a matsayin CSV, wato rubutu zalla, kowane majiyyaci layi ɗaya, waƙafi yana raba gurbi da gurbi: lamba, suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar waya, ranar tiyata ko dawowa, sai bayani. Na gina tebur a MySQL mai gurabe bakwai daidai da su. Umarnin ɗora fayil ɗin, LOAD DATA LOCAL INFILE, ban rubuta shi da kaina ba, na kwafo shi ne daga wani shafi a intanet. Ya ce wa MySQL ya yanka layi a duk inda ya ga waƙafi, kuma ya karanta kwanan wata da STR_TO_DATE bisa tsarin wata, rana, shekara. Wanda ya rubuta shi ɗan ƙasar da suke fara rubuta wata ne. Mu kuwa rana muke farawa da ita. Ban lura ba.

Na danna, bai kai ƙiftawar ido ba ya gama. Ya nuna adadin layukan da suka shiga, na duba Excel, adadi ɗaya ne cif. A gefe ya nuna ɗaruruwan gargaɗi. Na gan su da idona. Na ce ai fayil mai datti irin wannan dole ya yi ƙorafi, na wuce. Na buɗe layukan farko don in tabbatar, na bi ranakun haihuwa da yatsa, duk daidai suke da na Excel. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, tsofaffinmu ba su san ranar haihuwarsu ba, kuma duk wanda bai sani ba ɗaya ga watan ɗaya ake rubuta masa. Ɗaya ga watan ɗaya ko ta ina ka juya shi, ɗaya ga watan ɗaya ne.

Hajiya ce ta kama ni, kwana huɗu da fara aiki da sabon tsarin. Ta shigo lunguna da takardar sunayen da za a kira a makon, ta ajiye mini a kan madannan kwamfuta.

"Malam, wagga mata da kas sa a kira," ta ce, ta ɗora yatsa a kan wani suna, "ni da hannuna nir rubuta mata biyu ga watan tara. Mi yak kawo ta tara ga watan biyu?"

Na ce mata kwamfuta ba ta kuskure. Ta dube ni ta saman tabarau, ta koma ta ɗauko littafin. Gaskiyarta ce. Na bi sauran, na ga ɓarnar: duk ranar da ba ta wuce sha biyu ga wata ba, an juya ta, rana ta koma wata, wata ya koma rana, kuma MySQL bai yi ko tari ba, don kwanan watan da ya samu halastacce ne. Wadda ta wuce sha biyu kuwa, tunda babu wata na sha uku, sai ya bar gurbin da NULL, wato babu komai, ya rubuta gargaɗi. Gargaɗin da na tsallake ke nan.

Kunya ta kama ni, kuma ni in na ji kunya fushi nake yi. Na rufe ƙofa na yini ina gyara. Na bi fayil ɗin na daidaita masu ɗigo da masu sunan wata, na mai da tsarin karantawa rana, wata, shekara, na share teburin na sake ɗorawa. Gargaɗin ya sauko daga ɗaruruwa zuwa 'yan kaɗan. Akwai umarni mai kalma biyu, SHOW WARNINGS, da zai jero mini su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi lambar layi da abin da ya same shi. Ban buga shi ba. Na riga na yanke hukunci cewa ragowar su ne masu "bayan Sallah" da waɗanda aka sallama ba su da ranar dawowa, waɗanda dama gurbinsu babu komai ya kamata ya kasance. Na ɗauki suna ashirin na gwada da littafin Hajiya a gabanta, duk suka dace. Sai na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba: na ce wa shugaba ajiye bayani a wuri biyu shi ke kawo ruɗani, a kulle littafin a sito. Aka kulle. Hajiya ta miƙa shi da hannu biyu, ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Dattijon da nake magana a kai mahauci ne daga Ƙofar Dundaye. A lokacin ban san shi ba, layi ne kawai a cikin layuka. Daga baya na haɗa labarinsa daga bakin Hajiya da katinsa. Hawan jinin ido gare shi, ciwon da ke cin gani a hankali daga gefe zuwa tsakiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Idon hagu ya riga ya tafi kafin ya zo mana. Na dama saura kaɗan, maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, sai aka sa shi cikin waɗanda za a fara yi wa tiyata in likita ya zo a watan sha ɗaya, don a tsare abin da ya rage.

Yawancin mutane in aka tambaye su adireshi, sunan unguwa suke faɗi, a rubuta "Gidan Dahala" ko "Tudun Wada" a wuce. Shi bai yarda ba. Wayarsa tsohuwa ce, wani lokaci tana hannun 'yarsa, yana tsoron a kira ba a same shi ba. Ya tsaya a kan ma'aikaciyar kati sai da ta rubuta kwatancen duka yadda ya faɗa: Ƙofar Dundaye, bayan masallacin da ke da rijiya, gida mai koren ƙyaure kusa da mai niƙa. Waƙafi biyu ne a ciki.

Excel ya yi nasa aikin daidai. In gurbi yana da waƙafi a cikinsa, yakan kewaye gurbin da alamar zance, don a san abu ɗaya ne. Umarnin da na kwafo ne ba shi da guntun layin da ke gaya wa MySQL ya mutunta wannan alama, OPTIONALLY ENCLOSED BY. Don haka ya yanka kwatancen gida uku. "Ƙofar Dundaye" ta zauna a adireshi. "Bayan masallacin da ke da rijiya" ya faɗa gurbin lambar waya. "Gida mai koren ƙyaure" ya faɗa gurbin ranar tiyata, MySQL ya nemi kwanan wata a ciki bai samu ba, ya sa NULL. Lambar wayarsa ta zame zuwa gurbin bayani. Ranar tiyatar kanta, biyar ga watan sha ɗaya, ta rasa gurbin da za ta shiga, aka yar da ita tare da gargaɗi. Tambayar da na rubuta wa kwamfuta mai fito da sunayen mako tana neman ranakun da suka faɗa tsakanin Litinin da Asabar. NULL ba ya faɗawa tsakanin komai da komai. Sunansa ba zai taɓa fitowa ba, ko da za a shekara ɗari ana danna maɓallin.

Likita ya zo a watan sha ɗaya. Hajiya, wadda ta san fuskoki, da tana nan da ta tambaya ina mahaucin nan mai ido ɗaya, amma tana ƙauye tana jinyar mahaifiyarta. Aka yi mako lafiya, shugaba ya yaba mini a gaban ma'aikata cewa ba a taɓa yin tiyata cikin tsari irin na bana ba. Na ji daɗi ƙwarai, har na ba da labari a gida.

Dattijon ya zo sau ɗaya ya tambaya. Wannan ne ya fi tsaya mini a wuya. Ya ji a kasuwa cewa likita ya zo ya tafi, sai ya hau babur ya zo ɗakin kati. Ma'aikaciyar ta buga sunansa, ya fito, ta dubi gurbin rana ta ga babu komai. Ta ce, "Baba, ba a sa maka rana ba tukuna. Ka koma gida, za a kira ka." Ba ta yi ƙarya ba, abin da allon ya nuna mata ta faɗa. Shi kuwa mutum ne mai kawaici, irin waɗanda suke ganin yawan tambaya raini ne ga mai ilimi. Ya yi godiya ya koma. Bango ɗaya ne tsakanina da su a lokacin, ina jin muryoyin ɗakin kati kullum, amma ba na saurara.

A watan huɗu, cikin zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, 'yarsa ta kawo shi tana riƙe da hannunsa. Malamar firamare ce, ba ta da kawaicin mahaifinta. Na ji muryarta ta bango, na fito. Hajiya ta dawo aiki a lokacin. Ta duba shi da fitila, ta kai shi gaban likitanmu na kullum, ta fito ba ta dubi kowa ba, ta nemi mabuɗin sito. Ta buɗe littafin a kan teburina, ta juya shi ya fuskance ni. Ga sunansa, ga biyar ga watan sha ɗaya da rubutunta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi da jan biro.

"Nuna min shi cikin naka," ta ce.

Na buga lambarsa. Na ga masallaci a inda waya ya kamata ta kasance, na ga alamar zance guda ɗaya maƙale a gaban Ƙofar Dundaye ba ta da 'yar uwa. Ban buƙaci kowa ya yi mini bayani ba.

"Mi yaf faru?" ta ce.

"Waƙafi ne, Hajiya. Kwatancen nasa..."

"Ba waƙahi nit tambaye ka ba. Wa yag gani, bai duba ba?"

Na ce ni ne. Ta rufe littafin ta rungume shi a ƙirji, ta ce in nemo mata duk sauran kafin la'asar.

Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba. Na ƙara guntun layin da ya ɓace, na ɗora tsohon fayil ɗin a wani tebur daban wanda duk gurabensa rubutu ne zalla, don kada komai ya sake ɓacewa a hanya, na gwada shi da teburin da muke aiki da shi. Na buga SHOW WARNINGS a karon farko, na karanta kowane layi. Mutum talatin da ɗaya ne suka zame haka. Dukkansu masu dogon kwatance ne, wato waɗanda suka fi kowa tsoron kada a manta da su. Allah ya taimaka yawancinsu masu yanar ido ne ko masu jiran tabarau, ciwon da ke iya jira. Aka bi su aka kira. Nasa ne ba ya jira. Likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, tiyata yanzu ba za ta dawo da komai ba.

Ba a kore ni ba. Shugaba ya kira ni ofis ya ce kuskure ne na na'ura, a kiyaye gaba, kuma kada maganar ta fita, don masu ba da tallafi ba sa son irin wannan labari. Na fito ina jin haushinsa fiye da in da ya zage ni. Na'ura ta gaya mini sau biyu, ni ne na ƙi karantawa. Littafin dai ya fito daga sito, kuma ban sake buɗe baki a kansa ba.

Mako biyu na yi ina kai gwauro ina kai mari, sannan wata Asabar da hantsi na kwafi kwatancen a takarda na hau babur ɗina. Ban gaya wa kowa ba. Ban ma san abin da zan ce ba. Na shiga Ƙofar Dundaye, na ga masallacin, ga rijiyar a gefensa da guga a bakinta. Na zagaya baya, na ji ƙarar injin niƙa, na ɗaga kai na ga koren ƙyaure. Ban tambayi ko mutum ɗaya ba.

Yana zaune a zaure a kan buzu, ya jingina da bango. Babban mutum ne, hannuwansa duk tabon wuƙa na shekara da shekaru. A kusa da shi akwai wuƙaƙensa uku a cikin kube da dutsen wasawa. 'Yar ta gaya mini daga baya cewa ƙanensa ne ke riƙe da teburin naman yanzu, amma shi bai yarda kowa ya wasa wuƙaƙen ba, da yatsa yake jin kaifinsu. Na yi sallama, na durƙusa, na ce daga asibiti nake.

"Maraba, maraba," ya ce, ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya ɗan kauce kaɗan. "An kira ni ke nan?"

Na ce a'a, Baba, gaisuwa na zo. Sai na faɗa masa. Na ce an rubuta masa rana tun bara, ni ne mai kula da kwamfutar da ke fito da sunaye, kuma ta hannuna sunansa ya ɓace. Ban ambaci waƙafi ba. 'Yar tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida da kofin ruwa, ta ji komai. Ta ajiye kofin a ƙasa, nesa da ni, ta ce, "Wata biyar yana aje waya ƙarƙashin matashi. Ko masallaci za shi, sai ya ce a riƙe mai ita kusa." Ya ɗaga hannu, ta yi shiru, amma ba ta tafi ba.

Injin niƙa ya tsaya, ya sake tashi. Na so dattijon ya yi faɗa, wallahi na so. Sai ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya gogewa, ya yafe, in tashi daga durƙuson nan ƙafata za ta yi tsami. Na san irin wannan yafiyar, ta dattijan garinmu ce, ana ba da ita da gaske, amma ba ta sauke wa mutum kaya.

Na miƙe zan tafi, na kai bakin zaure, ya kira ni.

"Ɗana, wa yak kawo ka gidanga?"

"Ba kowa, Baba. Kwatancen da ka bayar na bi."

"Ba ka ɓace ba?"

"Ban ɓace ba."

Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka cire wa wata ƙaya da ta daɗe tana sukarsa.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ni duk zamanga ina ta tunani ko ni na ban yi kwatancen da kyau ba."